Samfurin DNA na waya da 'ya'yan carbi: inda na kai a mako na uku

'Yan uwa da muke fama da darasin kwafar DNA, ga inda aikina ya kai. Makon jiya na ce muku na gama samfurin. To ban gama ba, sai da na warware rabinsa daren Talata.

Ga wanda bai ga na baya ba, kayan aikin ba su da yawa. 'Ya'yan carbi na roba kala huɗu na sayo a babbar kasuwar Sakkwato: ja A, kore T, baƙi G, fari C. Kowane ɗan carbi na zura masa guntuwar waya, na lanƙwasa bakinta ɗaya ya zama ƙugiya, ɗayan ya zama zobe. Wannan shi ne nukiliyotaid ɗaya. Ƙugiyar ita ce gefen 5' mai fosfet, zoben kuma gefen 3' mai OH. Tsofaffin zare biyu da jar waya na yi su, sababbi da fara. Jerin da na ɗauka ma'aurata 12 ne:

```
5'-ATGCCGTAAGCT-3'
3'-TACGGCATTCGA-5'
```

Helikes kuwa, mai buɗe zare biyun, zoben labule ne. Ba don raha na zaɓe shi ba, domin na ƙwayar E. coli, wato DnaB, zobe ne na gaske mai ɓangarori 6. Zare ɗaya yake rungumewa ya bi ta kansa daga 5' zuwa 3', yana ƙona ATP, yana ture ɗayan gefe. Haɗin haidurojin kawai yake ɓallewa, biyu tsakanin A da T, uku tsakanin G da C. Ƙashin bayan zaren ba ya taɓa shi. Na zura zoben a zaren sama, ina tura shi daga hagu zuwa dama.

Kuskurena ga shi. Da na buɗe, sai na bi zare biyun da farar waya duk daga hagu zuwa dama, ina biye da zoben. Ya yi kyau a ido. Abokin ɗakina, wanda ya girme ni da aji ɗaya, ya ɗauka ya jujjuya, ya sa yatsa a sabon zaren sama ya ce, "Malam, kai nan ina kake saƙala sabon ɗan carbi, a zobe ko a ƙugiya?" Na duba na yi shiru. A ƙugiya nake saƙalawa, ina tsawaita gefen 5'. Folimares, mai gina sabon zaren, ba ya yin haka. Bakin 3' mai OH kaɗai yake ƙara wa sabon nukiliyotaid, don OH ɗin ne ke kama fosfet na mai shigowa. Wannan layin na haddace shi tun aji ɗaya, amma hannuna bai san shi ba.

Sai na kafa wa kaina doka: ƙugiyar sabo ta shiga zoben na ƙarshe, ba akasin haka ba. A zaren ƙasa babu wata wahala. Gefensa na 3' yana hagu, don haka sabon zaren yana tafiya dama tare da helikes: A, T, G, C, a jere ba tsayawa. Shi ne zaren da ke gaba.

Na sama ne mai gardama. Da zoben labulen ya buɗe huɗun farko, ATGC, dole na fara daga inda zoben yake in dawo baya zuwa hagu: G, C, A, T. Na tura zoben ya buɗe CGTA, sai ga fili a bayana, kuma ba damar ci gaba daga inda na tsaya, don bakin 3' ɗina ya ba zoben labulen baya. Na koma gindin zoben na sake sabon farawa: T, A, C, G, har na zo na ci karo da guntun farko. Haka sau uku. Waɗannan su ne guntayen Okazaki, kuma sai da yatsuna suka yi ja kafin na yarda cewa ba wata dabara ba ce ta daban, dokar nan ɗaya ce ta haife su. Nawa 'ya'ya huɗu-huɗu ne, na E. coli sukan kai nukiliyotaid 1000 zuwa 2000, na ƙwayoyin jikinmu kuwa 100 zuwa 200.

Akwai abin da samfurin ya so ya ɓoye mini. Hannuna yana iya ɗora ɗan carbin farko a fili, folimares kuwa sai ya tarar da bakin 3' a shirye. Faraimes ne ke aza masa ɗan guntun RNA, nukiliyotaid goma ko sama kaɗan, ya ɗora a kai. Don kada in manta, na naɗa rawayen zare a ɗan farko na kowane guntu. Daga baya na cire shi na sa wani, aikin folimares na I ke nan, sannan na matse mahaɗar da filaya a madadin laiges. Mai yawan ginin shi ne folimares na III. A nan nake ganin yawancinmu muke cakuɗa su a jarrabawa.

Murɗewa kuma waya ba ta nuna ta, sai na sayo igiya mai tufka biyu a kasuwar Kara. Na ɗaure bakinta a ƙafar gado, na ja tufkokin biyu a ɗaya bakin. Kafin in buɗe taki ɗaya gaban ya ƙudundune, ya ƙi. DNA tana kewaya sau ɗaya a kowane ma'aurata 10 da ɗoriya, helikes kuma yana buɗe kusan 1000 a daƙiƙa, kun ga juyi wajen 100 ke taruwa a gabansa duk daƙiƙa. Jaires ne ke yanke zare biyun, ya sassauta, ya sake haɗawa. Igiyata dai ban yanka ba, shanya zan yi da ita.

Daga nan na shimfiɗa abin da ya fito a kan tabarma. DNA biyu, kowace da jan zare ɗaya da fari ɗaya. Wannan shi ne tsarin riƙe rabi: kowace ɗiya ta gaji zare ɗaya na uwa cikakke. Meselson da Stahl ne suka tabbatar da shi a 1958. Sun raini E. coli a abinci mai naitirojin mai nauyi, 15N, suka mayar da ita mai 14N, suna auna nauyin DNA a ruwan gishirin siziyam da injin juyi. Jar wayata ita ce 15N, farar 14N.

Bayan zagaye ɗaya sun ga layi ɗaya tak a tsakiya. Wannan ya kayar da ra'ayin cewa uwa tana zama yadda take a yi sabuwa fil a gefe, don da haka ne da an ga layi biyu, mai nauyi da marar nauyi. Amma ku lura, bai kayar da ra'ayin barbaje ba, wanda ke cewa kowane zare faci-faci ne na tsoho da sabo, domin shi ma tsakiya zai ba da. Zagaye na biyu ne ya raba gardama. Na yi shi jiya, ya ci 'ya'yan carbi 96 gaba ɗaya: DNA huɗu, biyu ja da fari, biyu fari zalla. Layi biyu ke nan, na tsakiya da marar nauyi, rabi da rabi. Da barbaje ne, layi ɗaya za a ci gaba da gani yana matsawa sama a hankali.

Zagaye na uku a takarda na lissafa, DNA 8, biyu gauraye, shida fari, don 'ya'ya 192 yake nema kuma farar wayata ta ƙare. In wani zai shiga gari daga Dundaye ranar Asabar, ya taɓa ni, siririya nake so, wadda filaya ke lanƙwasawa ba ta karye ba.