Asabar: kilomita 36 da gudu iri biyu

Sanyin Jos bai hana mu fita ba yau. Ƙarfe 6:20 ni da ƙanena muka hau kekuna daga Unguwar Rogo, muka bi ta Taminus, muka miƙa hanyar Bukuru. Kafin mu fita na ce wa Hajiya ta jira ni ƙarfe takwas da 'yan mintoci in kai ta gidan suna. Da ƙwarin gwiwa na faɗa, domin na san zuwa da dawowa kilomita 36 ne, kuma manhajar wayata kullum wajen kilomita 20 a awa take nuna mini. In ka raba 36 da 20 ka sami 1.8, wato awa ɗaya da minti 48. Ƙarfe 8:08 ke nan ina ƙofar gida.

Ƙarfe 8:50 muka yi sallama. Hajiya na zaune da mayafinta a kafaɗa, ba ta ce komai ba sai "Sannunku da tsere." Ai gara ta yi faɗa.

Abin da ya ɗaure mini kai, da na duba wayar, gudun nan dai 20.0 ne cif, kamar yadda na yi tsammani. To ina minti 42 suka shige? Sai na lura manhajar lokaci biyu take riƙewa. Akwai Moving Time, lokacin da keken ke tafiya kawai, ya nuna 1:48. Akwai Elapsed Time, tun daga danna farawa har gamawa, ya nuna 2:30. Gudun da take nunawa da manyan lambobi, da na farkon take lissafa shi. Da na raba 36 da awa 2.5 sai na sami 14.4. Tafiya ɗaya, nisa ɗaya, amma gudu biyu, kuma babu na ƙarya a ciki. Na 20 ƙarfin ƙafata yake aunawa, na 14.4 kuma shi ke faɗin lokacin da zan iso gida.

Na zauna na bi sawun mintocin. A dawowa, daidai Dadin Kowa, ƙusa ta huda tayar baya. Mai faci na kusa, amma sai da ya cire tub, ya tsoma a ruwa yana neman inda iska ke fita, ya goge wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Minti 22. A Bukuru mun tsaya wurin mai shayi, hannuwanmu sun ƙandare don sanyi, muka riƙe kofi muna ɗumama yatsu, minti 12. Sauran takwas ɗin kuwa a tsinke suka tafi: tsayawa a mahaɗa, jiran Keke Napep ya sauke fasinja, gaisawa da wani dattijon unguwarmu. Facin ƙaddara ne, na yarda. Amma shayin da cunkoson duk Asabar sai an yi su, kuma ko su kaɗai na sa a lissafi, minti 128 zan samu, gudun ya koma kusan 17. Da shi ya kamata in yi wa Hajiya alkawari.

Muna cin ƙosai ƙanena ya ɗaga kalkuletar wayarsa. "Yaya, manhajar nan ta cuce mu, 24.3 muka yi." Na karɓa na duba, ashe 36 ya raba da 1.48. Na ce masa awa minti 60 ce, ba 100 ba, saboda haka minti 48 sai an raba da 60 ya zama 0.8. Don kada ya sake ruɗewa na ce ya riƙa mayar da komai mintoci:

```
36 ÷ 108 × 60 = 20
36 ÷ 150 × 60 = 14.4
```

Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai 24 ɗin ya fi masa daɗi.

Shi kansa lokacin tafiyar ba a rantsewa a kansa. Wayar ba ta san kana taka feda ko ba ka takawa ba, motsi kawai take gani. In ka sauka kana tura keke a hawa, ko kana jan ƙafa a cunkoson Taminus, duk tafiya ce a wurinta, sai gudun ya faɗi. In kuma kana tsaye alamar GPS na rawa, takan ƙara maka 'yan mitocin da ba ka yi ba. Ana ganewa a taswira: wurin mai facin nan layinmu ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, alhali keken na kife a gefen titi.

Mun isa gidan sunan an riga an raba goro. Tub ɗin baya facinsa uku yanzu, Litinin zan sayo sabo.