Laraba: dalar gyaɗa da amsar da ta zo a makare

Tun bayan azahar nake duba jingar ɗalibai 'yan aji ɗaya. Tambayar da Turanci aka ba su: me ya sa dalar gyaɗa ta ɓace a Kano?

Takardar wata ɗaliba ce ta fi cin lokacina. Ta faro daga Dutsen Dala, ta bi ta fatauci, ta kawo isowar jirgin ƙasa a 1912 da yadda manoma suka rungumi gyaɗa. Rubutun da daɗi, wallahi. Sai a layukan ƙarshe na shafi na uku na tarar da amsarta, kuma amsa ce mai ƙarfi: fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975 sun karya noman, amma kuɗin man fetur ne ya sa hukuma ba ta damu da tayar da shi ba.

Bayan la'asar na sa aka kira ta. Ta ce, "Malam, in na faɗi amsar tun farko, me zai sa ka karanta sauran?" Tambayar ta burge ni. Haka muka tashi: mai tatsuniya ba ya faɗin makomar Gizo sai an kusa ƙurunƙus, dattijo ma sai ya gama shimfiɗa yake faɗin abin da ya kawo shi. Na ce mata mai duba maƙalar ilimi ta Turanci alƙalanci yake yi. Yana so ya ji da'awarki tun a sakin layi na farko, galibi a jumlarsa ta ƙarshe, don ya auna kowace hujja da ita.

Muka gyara tare. Shimfiɗar ta koma jumla biyu, sai amsar nan ta biyo baya. Fari ya samu sakin layinsa, cuta nata, man fetur nasa, kowanne ya buɗe da jumlar da ke faɗin abin da zai tabbatar. Dutsen Dala ya fita gaba ɗaya. Ta ɗan ɓata rai, amma babu hujjar da ya ƙara.

Da farko ta rubuta cewa maƙalar za ta duba dalilan ɓacewar dalar. Wannan sanarwa ce kawai, don ba wanda zai yi musu da ita. Matsaya kuwa dole a iya ja da ita. Wani na iya cewa fari ne babban dalili, ita ta kare nata.

Na nuna mata gwajin da nake yi: a karanta gabatarwa da jumlar farko ta kowane sakin layi kaɗai. In hujjar ta fito, tsarin ya zauna. Na kuma ce kada ta yar da salonta, don in rubutun ba da labari aka nema, shi ne daidai. Ranar Litinin za ta kawo sabon kwafi.