Makullin da ke saman allon wayata bai hana a sace min imel ba

Na fara sa VPN a waya ne saboda yawan tafiya, ga shi kuma kusan duk masaukin da na sauka sai na hau Wi-Fi ɗinsu. Wani abokin aikina ya ce min: "Malam, kana hawa intanet ɗin mutane haka tsirara? Ai sai ka sa VPN." A daren na shiga Play Store, na ɗauki na farko da na gani na kyauta mai taurari da yawa, na danna babban maɓallin da ke tsakiya. Ɗan hoton makulli ya bayyana a saman allo. Na ji hankalina ya kwanta, a zatona na shiga sulke.

Bayan kamar wata uku wani saƙo ya shigo, wai an ga yunƙurin shiga imel ɗina, in tabbatar da kalmar sirri kafin a rufe asusun. Na danna, shafin ya buɗe, kamanninsa sak da na gaskiya, na rubuta adireshi da kalmar sirri. Makullin nan yana nan a saman allo duk lokacin da nake wannan aika-aikar. Da safe na tarar an canza kalmar, sai da na kwana biyu ina fama kafin na dawo da asusun ta lambar wayar da na taɓa haɗawa da shi. Haushi na farko a kan VPN ɗin na sauke shi. Daga baya da na zauna na fahimci aikinsa, sai na ga ba laifinsa ba ne. Ya ɗauki kalmar sirrina a ƙulle, ya tsallake da ita gaban mai Wi-Fi ba tare da kowa ya leƙa ba, ya miƙa ta ga wanda na ce a miƙa wa. Ɓarawon ne na aike shi wurinsa da hannuna.

Abin da VPN ke yi taƙaitacce ne. Yana ƙulle duk bayanan da ke fita daga wayarka, ya kai su wata kwamfuta ta kamfaninsa da ake kira saba, a can a kwance su, su ci gaba da tafiya zuwa inda ka nufa. Saboda haka mai Wi-Fi ko kamfanin layinka ba ya ganin shafukan da kake shiga. Yana ganin dai kana magana da saba guda ɗaya, yana ganin lokaci da yawan datar da ta wuce, kuma galibi yana iya gane cewa VPN ne. Shi kuma shafin da ka ziyarta adireshin IP na sabar, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet, yake gani maimakon naka, shi ya sa yake ɗauka kana ƙasar da sabar take.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne, yawancin abin da nake tsoro tun farko an riga an rufe shi ko babu VPN. Kusan duk shafin kirki yanzu da HTTPS yake aiki, wato tsarin da ke ƙulle bayanai tsakanin wayarka da shafin, haka manhajojin banki da na saƙo. Mai Wi-Fi ba zai karanta kalmar sirrinka ko saƙonka ba a irin wannan haɗi. Abin da ya rage masa shi ne sunan inda ka je: ya san ka buɗe shafin asibiti kaza, ko jarida kaza, da ƙarfe nawa, sau nawa. Ba ƙaramin abu ba ne, don sunayen wuraren da mutum ke zuwa suna faɗin abubuwa da yawa a kansa. To wannan ne VPN ke ɓoyewa daga mai Wi-Fi. Amma ba ɓacewa bayanan suke yi ba, hannu suke canzawa. Duk abin da kamfanin layi yake gani a da, yanzu kamfanin VPN ne ke ganinsa, tare da ainihin adireshinka. Idan kamfanin bai fi wanda ka guje wa amana ba, gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago.

Da na gane haka sai na koma kan manhajar kyautar nan na gwada ta, kuma gwajin bai ci min minti goma ba. Na kashe VPN, na buɗe dnsleaktest.com a burauza, na rubuta adireshin IP da ya nuna da sunan kamfanin layina. Na kunna VPN na sake buɗewa. Adireshin ya canza, ƙasar ma ta canza, nan dai babu matsala. Sai na danna Extended test. Wannan yana duba wa wayar ke tambaya idan tana neman wani shafi, domin kafin waya ta buɗe kowane shafi sai ta tambayi sabar DNS lambar da ke bayan sunan. In VPN na aiki daidai, tambayar ma ta cikinsa za ta bi. Jerin da ya fito a nawa kuwa, sunan kamfanin layina ne a ciki ɓaro-ɓaro. Wato wata uku ina ɗauke da manhajar da ke cin batirina, tana watso min tallace-tallace, alhali ainihin abin da ya kamata ta ɓoye yana bi ta bayan gida.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 2016 wasu masu bincike daga hukumar CSIRO ta Ostireliya da wasu jami'o'i sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Sun samu kashi 66 cikin ɗari suna yoyon tambayoyin DNS irin nawa, kashi 18 kuma ba sa ƙulle bayanan kwata-kwata. Binciken ya tsufa, amma dalilin da ya haifar da matsalar bai tsufa ba: riƙe saba yana cin kuɗi, wanda bai karɓi kuɗi a hannunka ba sai ya nemo su ta wata hanya. Onavo Protect na kamfanin Facebook VPN ne na kyauta da ake amfani da shi wajen sanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire shi daga App Store a 2018. Hola kuma a 2015 aka gano yana sayar da intanet ɗin masu amfani da shi, baƙi suna bi ta na'urorinsu. Ban ce duk na kyauta mugu ba ne. Akwai kamfanonin da ke ba da ƙaramin tsari kyauta, masu biya su ɗauki nauyinsa, wannan kuwa ana ganin inda kuɗin ke fitowa.

Da na zo zaɓen wani, tambayar farko da na riƙe ita ce: wa ke da shi? Manhajar da ba ta da sunan kamfani sananne, ba adireshi, sai wani imel kawai, na wuce ta komai yawan taurarinta. Sai maganar ajiye tarihi. Kowa yana rubuta cewa ba ya ajiye komai, rubutun kuwa ba ya tsada. A 2020 an samu tarin bayanan masu amfani da UFO VPN da wasu 'yan uwansa a buɗe a intanet, alhali suna iƙirarin ba sa ajiyewa. Don haka abin da nake nema shi ne shaida daga waje: rahoton binciken wani kamfani mai zaman kansa da aka wallafa kowa ya karanta, mai kwanan wata na kusa, ko wani lamari da ya gwada iƙirarin. Misali a watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar bincike, kamfanin ya ce sun tafi ba su ɗauki komai ba saboda babu bayanan abokan ciniki a ajiye. Irin wannan ya fi min kalaman talla dubu.

Daga nan na duba saitin manhajar in ga da wace hanya take ƙulle bayanai. WireGuard, OpenVPN da IKEv2 duk karɓaɓɓu ne. Ni WireGuard nake bari a waya don yana da sauƙi a kan batiri, kuma ba ya daɗewa wajen sake haɗuwa idan na bar Wi-Fi na koma data. In ka ga PPTP ka guje shi, an daɗe da fasa shi, Apple ma ta cire shi tun iOS 10 a 2016. Yawan ƙasashen da kamfani ke taƙama da su bai dame ni ba, saba mafi kusa nake zaɓa tunda nisa ne ke kawo jinkiri.

Sabon ya ci gwajin DNS, amma sai na ƙara masa wani. VPN yana yankewa, musamman in sabis ya yi rauni, kuma in ya yanke waya ba ta tsayawa, sai ta ci gaba ta hanyar da ta saba ba sallama. A Android akwai maganin wannan cikin saitin VPN: ka danna alamar saiti kusa da sunan manhajar, ka kunna Always-on VPN, sannan Block connections without VPN. A iPhone yawanci cikin manhajar ake samun makamancinsa da sunan Kill Switch. Na kunna, na tsayar da manhajar da ƙarfi daga saitin waya, na gwada buɗe shafi. Bai buɗe ba, abin da nake so ke nan. Sai dai yana da nasa ciwon kai. Wi-Fi na otal ko filin jirgi da ke buƙatar ka fara shiga wani shafi ka amince da sharuɗɗa yakan ƙi buɗewa, dole in kashe toshewar na ɗan lokaci, in shiga, in mayar. Sau biyu na manta ban mayar ba.

Sauran iyakokinsa a hankali na riƙa cin karo da su. Na sa saba a wata ƙasa, na buɗe taswira, ɗigon shuɗin nan yana daidai inda nake zaune, domin GPS ba ruwansa da VPN. Kamfanin layi ya san inda wayata take ta turakun sabis, kuma kiran waya na yau da kullum da saƙon tes ba sa bi ta cikinsa sam. Duk asusun da na shiga da sunana ya san ni ne, ko daga wace saba na ɓullo. Muguwar manhaja da na girka da hannuna za ta aika abin da ta sata ta cikin VPN ɗin lafiya lau. Na kuma gano a wayata ta Android cewa in na raba wa kwamfuta intanet, kwamfutar ba ta bin VPN ɗin wayar, sai na sa mata nata. Akwai ranar da manhajar banki ta hana ni shiga don ta ga kamar daga wata ƙasa nake, tun daga nan nake zaɓar sabar da ke ƙasar da nake kafin in buɗe ta. Kafin tafiya kuma ina duba dokar inda za ni, don akwai ƙasashen da suka taƙaita amfani da VPN ko suka hana.

Ita kuwa matsalar da ta jawo duk wannan, a wani wuri na magance ta. Na sa wa imel ɗin tabbatarwa mai mataki biyu, na koma amfani da manhajar ajiye kalmomin sirri, wadda ba ta cike kalma sai a kan ainihin adireshin shafin da aka ajiye ta dominsa. Watannin baya wani saƙo irin na farko ya sake shigowa, na buɗe don in gani. Manhajar ta ƙi cike komai. Da na duba adireshin da kyau, harafi ɗaya suka canza.