Masu Ido da Masu Kunne: Gwajin da Na Yi a Ajina

Shekara uku na yi ina rubuta harafi ɗaya a gefen sunan kowane ɗalibi a rajistata. A wani taron ƙara wa juna sani na malamai aka koya mana cewa kowane yaro yana da hanyar da ilimi ke shigarsa: wani sai ya gani, wani sai ya ji, wani sai ya karanta ya rubuta, wani kuma sai ya taɓa da hannunsa. Sunan tsarin VARK, kuma wani malami ɗan ƙasar New Zealand, Neil Fleming, ya tsara shi a 1987. Aka raba mana takardar tambayoyi, yara su cika, a ƙirga, kowa ya san rukuninsa, kuma harafin nan na rajistata shi ne alamar rukunin kowane yaro. Maganar ta kwanta mini sosai, don ni kaina na san na fi son zane a kan dogon bayani.

Na dawo na duƙufa. Kowane darasin kimiyya sai na shirya masa zane, da bayanin baki, da abin taɓawa. Sakamakon zangon kuwa ya yi kyau, har na fara yi wa abokan aiki wa'azi a ɗakin malamai. Wata malamar lissafi da ta girme ni a aiki ce ta tare ni wata rana. Ta ce, "Malam, ajin nan naka duka suna zaune ka yi zanen, duka suna zaune ka yi bayanin. Ta ina ka san mai ido da zanen ya ƙaru, ba da maimaitawa sau uku ba?" Na buɗe baki na rufe. Ban taɓa ba wani yaro hanya ɗaya tak ba, balle in kwatanta shi da wani.

Tambayarta ce ta kai ni ga bitar da Harold Pashler da abokansa Mark McDaniel, Doug Rohrer da Robert Bjork suka wallafa a 2008. Abin da ya fi amfanata a ciki shi ne yadda suka fayyace irin hujjar da ake bukata. Ba a musun cewa mutane suna da abin da suka fi so. Da'awar da ake jayayya a kanta ita ce idan aka daidaita koyarwa da wannan zaɓi, koyo zai ƙaru. Kafin a yarda da haka, sai an raba ɗalibai bisa zaɓinsu, a yi ƙuri'a a tura rabin kowane rukuni zuwa hanya ɗaya, rabi zuwa ɗayar, sannan kowa ya zauna jarrabawa iri ɗaya. Sakamakon kuma dole ya gitta: masu ido su fi ci da zane, masu kunne su fi ci da sauraro. Idan hanya guda ce ta fi wa kowa, to hanyar ce mai kyau, zaɓin yaro bai taka rawa ba. Binciken da aka yi da wannan tsari kaɗan suka samu, kuma da yawa daga cikin kaɗan ɗin sun saɓa wa da'awar.

Sai na ce bari in gwada da hannuna. Na ɗauki yara 24 da rajistata ta ce masu ido ne, da 24 masu kunne. Na rubuta sunaye a ƙananan takardu, na naɗe, na zuba a kwali, wani ɗalibi ya riƙa zarowa. Aka samu ƙungiyoyi huɗu na yara 12. Darasin shi ne zagayawar jini a zuciya: jinin da ya dawo daga jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, a tura shi huhu, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, daga nan ya fita zuwa jiki. Rabin yaran suka sami zane mai kibiyoyi da sunayen sassa, ba tare da na ce uffan ba. Sauran suka saurari bayanin da na naɗa a waya, ba zane. Minti goma sha biyar kowa. Bayan mako guda na ba su tambayoyi 20, kuma malamar nan ce ta duba takardun ba tare da ta san ƙungiyar kowa ba, don na san hannuna zai karkata.

Waɗanda suka sami zane ne suka fi ci, masu ido da masu kunnen cikinsu baki ɗaya. Masu kunnen da aka ba su abin da suke so, wato sauraro, sun zo ƙasa da 'yan uwansu masu kunne da ƙuri'a ta jefa wa zane. Gani ya kori ji, amma ga kowa. Dalilin bai ɓuya ba. Darasin na wuri ne, dama da hagu, sama da ƙasa, kuma kunne ba ya riƙe wuri kamar yadda takarda ke riƙewa. Da a ce furucin kalmomin wani harshe nake koyarwa, da sauraro ne zai yi nasara, har ga yaron da ya rantse shi mai ido ne.

Yara 12 a ƙungiya ba su isa a kafa hukunci da su ba. Biyu su kwana da zazzaɓi, lissafin ya juya. Abin da ya sa na ɗauki sakamakon da muhimmanci shi ne ya yi daidai da na waɗanda suka fi ni kayan aiki. A 2015 Beth Rogowsky da abokan aikinta sun gwada manya, wasu suka saurari littafi, wasu suka karanta shi, ba su ga alaƙa tsakanin zaɓin mutum da fahimtarsa ba. Polly Husmann da Valerie O'Loughlin kuma sun bi ɗalibai sama da 400 masu nazarin sassan jikin ɗan Adam, suka ga yawancinsu ba sa ma karatu yadda VARK ta ce ya dace da su, waɗanda ke yi kuma ba su fi sauran maki ba. Ban kuma ji kunyar ruɗuwar da na yi ba sosai da na ga binciken 2012 da ya nuna kashi 93 cikin 100 na malaman da aka tambaya a Birtaniya sun yarda da wannan ra'ayi.

Abin da ya fi damuna ya faru ne ranar gwajin. Da na miƙa wa wata yarinya zanen, sai ta ture shi a hankali ta ce, "Malam, ai kai ka ce ni mai kunne ce, ba na gane zane." Ni na saka mata wannan a kai, da harafi ɗaya. Shekara biyu tana tsallake taswira da jadawali a littafi, tana ganin ba nata ba ne. Na roƙe ta ta daure na minti goma sha biyar. Ta ci 16 cikin 20.

Yanzu idan zan shirya darasi, abin da nake fara dubawa shi ne siffar abin kansa, da kuma abin da yaran suka riga suka sani a kai, don wanda bai san aikin huhu ba zanen zuciya ba zai yi masa magana ba. Ina haɗa zane da bayanin baki a lokaci guda ga kowa, sannan bayan kwana biyu in sa a rufe littafi a zana zagayen jinin da ka. Haruffan rajistar kuwa na soke su da jan biro, yarinyar nan ce ma ta riƙe mini rula.