Takardar da na bar wa wadda ta gaje ni a aikin dashbod

Saura mako biyu in bar aiki shugaban sashenmu ya ce in rubuta takardar miƙa aiki, musamman kan yadda dashbod ɗinmu ke sabunta kansa kowane dare. Na zauna na rubuta shafi ɗaya da rabi: ƙarfe kaza ake kwaso bayanai, ƙarfe kaza ake zuba su a rumbu, ƙarfe kaza dashbod ke ɗauka. Na miƙa wa wadda za ta gaje ni. Ta karanta a gabana, ta ɗago kai ta ce, "Malam, na gane yadda yake tafiya idan lafiya lau. To ranar da ya lalace, da me zan gane?" Sai a lokacin na lura amsar tana cikin kaina, ba ta cikin takardar. Shekara uku ina zuwa da safe ina duba wasu abubuwa da ido, har na daina ɗaukarsu a matsayin aiki. Na karɓi takardar na sake ta daga farko.

Tsarin namu hawa uku ne. Ma'aikatanmu na fili suna shigar da bayanai a waya, bayanan su taru a babban rumbun da ake aiki da shi kullum. Da dare wani ɗan shiri ya kwaso na jiya ya zuba a fayil mai suna `latest.csv`. Shiri na biyu ya ɗauki fayil ɗin ya zuba a rumbun rahoto, kuma kafin ya zuba yana goge layukan ranakun da ke cikin fayil ɗin, don kada abu ɗaya ya shiga sau biyu. Daga nan dashbod ya karanta rumbun rahoton da ƙarfe 3:00. Hawa biyun farko, kwasowa da zubawa, `cron` ne ke tayar da su, wato shirin da ke tayar da ayyuka bisa agogo, kuma haka na gaje su:

```
0 1 * * *   /opt/jobs/extract.sh
45 1 * * *  /opt/jobs/load.sh
```

Duk wanda ya kalli layukan nan zai ɗauka na biyu yana bin na farko ne. Agogo kawai ya haɗa su. `cron` ba ya tambayar ko aikin ƙarfe 1:00 ya gama, da zarar 1:45 ta yi sai ya tayar da na biyu. Wanda ya tsara abin ya ga kwasowar tana cin minti 25, ya bar rata ta minti 45, kuma a zamaninsa ratar ta wadatar.

Daren ƙarshen wani wata ne ya nuna mini raunin. A ranar ma'aikata sun yi ta tura bayanan da suka tara don rufe wata, ga kuma ajiyar kwafin rumbu da sashen kwamfuta ke yi a daren, sai kwasowar ta yi nauyi, ba ta gama ba sai 2:10. Shirin kwasowa yana rubutu ne a fayil na wucin gadi, sai ya kammala yake sauya masa suna zuwa `latest.csv`. Wannan dabara ce mai kyau, tana hana a ɗauki rabin fayil. Amma da 1:45 ta yi, shirin zubawa ya tarar da `latest.csv` na daren da ya gabata yana nan daram. Ya ɗauka, ya goge layukan shekaranjiya, ya sake zuba su yadda suke, ya rubuta a kundinsa cewa ya yi nasara. Ƙarfe 3:00 dashbod ya karanta rumbun, ya rubuta a kusurwarsa `Last refreshed 03:00`. Babu hawa ɗaya da ya yi ƙorafi, domin kowanne ya yi abin da aka umarce shi.

Da safe shugaban sashe ya ɗauki jimillar wata daga dashbod ya shiga taro da ita, alhali babu ranar ƙarshe a ciki, ranar da ta fi kowace yawan bayanai. Wani shugaban tawagar fili ne ya ce adadin mutanensa bai kai abin da ya sani ba. Na yi kusan awa biyu ina neman kuskure a kundin aiki, ban samu ba. Abin da ya tona asirin shi ne lokacin da ke jikin fayil: `latest.csv` ya nuna 2:10, kundin zubawa kuma ya nuna ya fara 1:45.

Shi ya sa a sabuwar takardar abin da na fara rubuta mata shi ne kada ta dogara da `Last refreshed`. Rubutun nan yana faɗin lokacin da dashbod ya leƙa rumbu ne kawai, ba ruwansa da ko abin da ya tarar sabo ne. Abin da za ta duba kowace safiya, kafin ta buɗe imel, shi ne wannan:

```sql
SELECT record_date, COUNT(*)
FROM daily_records
WHERE record_date >= CURRENT_DATE - 7
GROUP BY record_date
ORDER BY record_date DESC;
```

Layin sama dole ya zama ranar jiya. Idan shekaranjiya ce a sama, an zuba tsohon fayil ko ba a zuba komai ba. Sannan ta kalli adadin. A wurinmu ranar aiki takan kawo layuka tsakanin 1,100 da 1,400, ƙarshen mako kuma ƙasa da 300. Na rubuta mata waɗannan lambobin a takardar, domin idan ta ga 400 ranar Talata ba za ta san abin tsoro ba ne sai in ta san abin da aka saba gani. Ni yawan dubawa ya koya mini su, ita kuwa ba ta da shekara uku da za ta jira.

Bayan wancan daren na haɗa layukan biyu suka zama ɗaya, `extract.sh && load.sh`, ta yadda zubawa ba za ta fara ba sai kwasowa ta gama lafiya. Na kuma sa shirin kwasowa ya tsaya da kuskure idan fayil ɗin ya fito da layin kanu kaɗai, domin fayil maras komai ma a wajen kwamfuta nasara ce. Sai dai na faɗa mata gaskiya cewa gyaran bai kai hawa na uku ba. Dashbod yana da nasa jadawalin a cikin manhajarsa, har yau agogo yake bi. Idan ayyukan biyu suka wuce ƙarfe 3:00, ko kwasowa ta faɗi aka fasa zubawa, zai sabunta kansa da tsohon kaya ya rubuta lokacin yau. Abin da na iya yi shi ne na ƙara ɗan akwati a saman allon mai nuna ranar ƙarshe da ke cikin bayanan, don mai kallo ya gani da idonsa.

Rauni na biyu ya fi wuyar kamawa, kuma ya daɗe yana ɓarna kafin in gano. Shirin kwasowa yana ɗaukar layukan da `record_date` ɗinsu jiya ne. Ma'aikacin da ya cike fom ranar Litinin a inda babu sabis, wayarsa ba ta tura ba sai Alhamis, bayanansa za su shiga babban rumbu ɗauke da ranar Litinin. Daren Alhamis ana neman na Alhamis, don haka ba za a taɓa waiwayarsu ba. Na gano ne da na ƙirga wata Litinin a wurare biyu bayan kwana goma: babban rumbu 1,240, rumbun rahoto 1,105. Layuka 135 sun zo a makare sun tsaya a waje. Abin da ya fi damuna shi ne giɓin ba a ko'ina yake daidai ba. Tawagogin da ke aiki a wuraren da sabis ke wahala su ne kullum suke bayyana kamar ba sa ƙoƙari, kuma da wannan allon ake auna su.

Na sauya shirin ya riƙa kwaso kwana bakwai na baya kowane dare. Tunda zubawa tana goge ranakun da ke cikin fayil kafin ta zuba, babu maimaici. Amma gyaran ya zo da nasa nauyin, kuma na rubuta mata shi dalla-dalla. Kwasowa yanzu tana cin kusan awa ɗaya, wato ta ƙara matsowa kusa da ƙarfe 3:00. Abin da ya makara fiye da kwana bakwai har yanzu ba ya shiga, sai an yi cikakkiyar zubawa da hannu, wadda nakan yi Asabar ta farko a wata. Sannan adadin makon jiya yana iya ƙaruwa bayan an riga an gan shi. Za a zo a tambaye ta me ya sa lambar Litinin ta canza, wani ma da fushi. Na rubuta mata amsar a jimla biyu da za ta iya turawa kai tsaye, na kuma ba ta shawarar kada ta bari a fitar da rahoton wata kafin 8 ga watan da ke biye.

Rauni na uku ni ne kaina. Da nake bin tsarin hawa-hawa don rubutun, na tarar dashbod yana shiga rumbun rahoto ne da akawun ɗina, kuma `MAILTO` da ke saman `crontab`, wato inda `cron` ke tura saƙonninsa, adireshin imel ɗina ne. Ranar da aka rufe akawun ɗin, wanda ake yi a ranar da ma'aikaci ya tafi, sabuntawar za ta tsaya, saƙon kuskuren kuma ya tafi akwatin da babu mai buɗewa. Mun nemi sashen kwamfuta su buɗe akawun na aiki wanda ba na mutum ba, mai izinin karatu kawai, muka mayar da saƙonni zuwa adireshin sashe. Ban yarda mu tsaya a nan ba. Na roƙe su su dakatar da akawun ɗina na dare ɗaya tun ina nan, mu ga abin da zai faɗi. Da safe komai ya sabunta sai tebur ɗaya, na sunayen tawagogi, wanda ashe daga wata takardar lissafi da ke cikin ma'ajiyata yake karantowa. Na manta da shi sarai, kuma da ba a yi gwajin ba da bai shiga takardar ba.

A makon ƙarshe na daina taɓa komai. Ita ke zuwa ta yi dubawar safe da takardar a gabanta, ni ina gefe ban ce uffan ba sai ta tambaya, kuma duk tambayar da ta yi sai in ƙara amsarta a rubutun. Ranar Laraba na sauya sunan fayil ɗin da shirin kwasowa ke shiga babban rumbu da shi da gangan, da sanin shugaban sashe, don kwasowa ta faɗi. Washegari ta ga shekaranjiya a layin sama, ta buɗe kundin, ta gano dalilin, ta mayar da sunan, ta gudanar da ayyukan biyu da hannu, sannan ta danna sabunta dashbod, duk kafin ƙarfe 9:00. Abu ɗaya ta tsaya a kai: ko sake gudanar da `load.sh` da rana zai ninka bayanai. Ba zai ninka ba, amma ban rubuta ba, sai na ƙara shi a ƙarƙashin matakan gyara.

Takardar ta ƙare da shafi biyar. A shafin ƙarshe na jera abin da ban gyara ba, na sa jadawalin ƙarfe 3:00 a sama, tare da lokacin da ayyukan dare suka gama a darare talatin na baya. Mafi jinkiri a cikinsu 2:35 ne. Na rubuta mata cewa ranar da ta ga ya kai 2:45, ta matsar da dashbod zuwa 4:00 a ranar, sannan ta nemi sashen kwamfuta su sa ƙarshen `load.sh` ya riƙa tayar da sabuntawar da kansa.