Jini ya kwanta wa Inna a jiki, ba ta bugu da komai ba

Da damina ne shatar kwanciyar jini ta fara fito wa Inna a damtse da cinya, wata ta kai faɗin tafin hannu, alhali ba ta faɗi ba, ba wanda ya buge ta. Maƙwabtanmu a nan Maradi suka ce mayu ne. Ni kuwa da ta yi asuwaki na ga dasashinta na jini, sai na kai ta asibiti.

Likita ya rubuta awon jini biyu. Na farko NFS, mai ƙirga plaketi, ƙwayoyin da ke toshe jijiya in ta tsage. A lafiyayyen mutum ana samun 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita. In suka sauka ƙasa da 20,000, jini kan zuba ba tare da rauni ba. Masassarar cizon sauro kan rage su, haka ma ciwon hanta. Na biyu TP, mai duba daskarewar jini. Duka biyun suka fito lafiya, har na fara murna.

Shi bai yi murna ba. Ya ce, "Hajiya, me kike sha wa gwiwar nan?" Ta kwance bakin zane, sai ga asfirin da diklofenak, waɗanda mai tallar magani a faranti ke haɗa mata safe da yamma. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutum ya danƙa wa tsohuwa magunguna biyu masu hana jini tsayawa, bai tambaye ta komai ba! Ashe asfirin ba ya rage yawan plaketi, aikinsu yake kashewa, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa, sai jiki ya yi sabbi cikin kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa lissafin ya cika a takarda, jinin kuwa na ta kwanciya. Da ba a buɗe ƙullin nan ba, da mun koma gida ta ci gaba da sha.

Ya tsayar da su, ya ba ta farasitamol. Bayan sati biyu sabon tabo bai ƙara fitowa ba.

Tabo ɗaya a ƙwauri ba abin tashin hankali ba ne. Amma in yana fitowa a baya, ciki ko damtse ba bugu, a je awo, a tafi da kowane magani da ake sha, har na gargajiya da man bilicin. In kuwa akwai haɓon da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko ƙananan jajayen ɗigo da ba sa ɓacewa in an danna, ranar za a je. A baƙar fata ɗigon na da wuyar gani, a duba cikin leɓe da fatar ido. Wanda likita ya ɗora kan asfirin saboda zuciya kuma kada ya daina da kansa, ya koma wajensa tukuna.