Awa bakwai a wayar Abba

Daren jiya a Jidda, bayan Isha'i, na karɓi iPhone ɗin ɗana Abba na buɗe Screen Time a Settings. Awa 7 a rana! Har na fara faɗa.

Da na danna See All App & Website Activity sai jikina ya yi sanyi. YouTube ɗin da na ƙayyade wa minti 45 bai wuce ba. Safari ne ya cinye awa 4, ashe ta can yake zagayawa ya kalli bidiyon. TikTok kuwa na toshe.

Abba ya ce, "Baba, ai manhaja ka hana."

Yanzu na sa wa youtube.com iyaka a App Limits, na kunna Block at End of Limit. Lambar sirrin ma na canza, uwarsa ce ta ba shi.